Wasiƙar gyara: yadda manajar talla a Jos ta amsa wa mai zana ƙasidar acca

Kamfanin ƙarami ne, yana wajajen Bukuru a Jos. Sana'arsa sayen acca daga hannun manoman Filato, ya wanke, ya fitar da yashi da tsakuwa, ya busar, ya ɗura a leda mai kilo 1 da mai kilo 5. Yana da lambar rajista ta NAFDAC, kuma yana shirin kai kayansa baje kolin ƙasa da ƙasa na Abuja, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Abuja kan shirya a harabarta da ke hanyar filin jirgin sama, galibi daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Na ɓoye sunan kamfanin da na mutanen da abin ya shafa, domin wasiƙar ce abin dubawa.

Manajar talla ta kamfanin, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ba wani matashi mai zane jingar ƙasidar talla. Ba ma'aikacinsu ba ne, zaman kansa yake yi, yana aiki da manhajar zane ta CorelDRAW kamar yawancin masu zanen da ke hulɗa da maɗaba'un ƙasar nan. Sharaɗin jingar a rubuce yake, ko da yake gajere ne: takardar A4 mai ninki uku, wato shafi shida, rubutun Hausa a sama da na Turanci a ƙasansa, kwafi 2,000, rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko idan an miƙa fayil ɗin bugu, da zagayen gyara biyu a cikin kuɗin. A Abuja za a buga, a cikin maɗaba'un da ke Area 10 a Garki, don a ɗauki kayan a can, ba sai an yi dakonsu daga Jos ba.

Da ya tura daftarin farko, cikin yini guda gyara ya zo masa ta baki uku. Hajiya ta rubuto ta WhatsApp cewa a cire maganar da ke cewa acca tana maganin ciwon suga kuma a sake kanun bango. Alhaji mai kamfanin ya aiko saƙon murya yana cewa tambari ya yi ƙanƙanta, kuma a ƙara wa abin armashi. Jami'in sayarwa ya turo hoton wata takarda da aka rubuta farashi da biro, ya ce a saka. Matashin ya rasa inda zai kama, sai ya yi abin da ya dace da ɗan jinga mai hankali, ya rubuta wa Hajiya imel:

"Hajiya, ranki ya daɗe, barka da aiki. Saƙo uku na samu, kuma ba su tafi hanya ɗaya ba. Wanne zan bi? Maganar ciwon suga daga bakin Alhaji na ji ta ranar da muka zauna, kuma a ganina ita ce za ta ja mutane. Farashi kuwa ba ya cikin abin da aka ba ni tun farko, kuma babu wurinsa sai an rushe shafi guda. Ina kuma so in sani ko wannan shi ne zagayen gyara na farko, ko an riga an shiga na biyu."

Tambayoyi ne na gaskiya, kuma kowace tana da kuɗi a ƙarƙashinta. Amsar da Hajiya ta ba shi ita ce lamarin da za mu bi daki-daki.

Mafarin wasiƙar

Ba ta amsa a ranar ba. Ta fara shiga ofishin Alhaji da daftarin a hannu, ta kira jami'in sayarwa, suka daddale abin da kamfani ke so, sannan washegari, ranar Talata, ta rubuta. Ga yadda ta buɗe:

"Malam, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen gida. Na ga saƙonka, kuma kana da gaskiya. Daga yau wannan wasiƙar ce kaɗai takardar gyara. Duk saƙon da ya zo maka kafin ta, daga ni ko daga wani, ka ajiye shi gefe. Wanda ya sake turo maka wani abu, ka turo mini, ni zan ba shi amsa. Wannan shi ne zagaye na farko. Tsarin shafukan ciki uku, da hoton gwaten acca, da launin ƙasa-ƙasan da ka zaɓa duk sun yi, kada ka taɓa su. Na lambata shafukan kamar haka don mu fahimci juna: bango shi ne shafi na 1, na cikin uku su ne 2 da 3 da 4 daga hagu zuwa dama, wanda ke naɗewa ciki shi ne 5, baya shi ne 6."

Wannan sakin layi ɗaya ya kashe rabin rigimar. Mai zane ba shi da ikon zaɓa tsakanin mai kamfani da manajarsa, kuma duk wanda ya bi, ɗayan zai ga an raina shi. Aikin manaja ne ta haɗa bakin gidanta kafin ta yi magana da na waje. Faɗin abin da ya yi kyau kuma ba yabon fatar baki ba ne a nan. Umarni ne. Ɗan jingar da aka ba jerin kurakurai kawai yakan ɗauka duk aikin ne bai yi ba, sai ya dawo da sabon zane gaba ɗaya, a rasa har abin da aka so a na farko. Lambata shafuka ma ba ƙaramin abu ba ne, domin a takarda mai ninki uku, "shafin baya" na iya nufin wuri biyu, gwargwadon yadda mutum ya riƙe ta.

Bayan haka ta raba gyaran gida uku: abin da dole ne a gyara, abin da kamfani ne ya sauya ra'ayi ko ya kawo sabo, da abin da ta bar wa idonsa. A ganina wannan rabon shi ne ƙashin bayan wasiƙar, domin shi ne ya nuna wanda zai ɗauki nauyin kowane gyara.

Maganar ciwon suga

A shafi na 2 daftarin ya rubuta da manyan haruffa cewa acca tana maganin ciwon suga. Duk wanda ya zauna a Jos ya san wannan magana, ana yinta a kasuwa, ana yinta a gida, kuma masu ciwon da yawa suna neman acca saboda ita. Hajiya ta rubuta:

"Shafi na 2, kanun sama: a cire jimlar ciwon suga, ta Hausa da ta Turanci duka. Na san Alhaji ya faɗe ta a gabanka, ba kai ka ƙirƙiro ta ba, kuma na yi magana da shi ya amince. Dalili shi ne Dokar Abinci da Magunguna ta hana a tallata wa jama'a abinci a matsayin magani ko rigakafin wasu cututtuka, ciwon suga yana cikinsu. Rajistarmu ta NAFDAC ta abinci ce, ba ta magani ba. Ban da doka ma, acca hatsi ce mai sitaci, kuma ba na son wani ya karanta takardarmu ya ajiye maganin da likita ya ba shi. Ga abin da zai maye gurbinta, ka kwafa yadda yake: Acca wankakkiya, ba yashi, ba tsakuwa. Daga leda sai tukunya."

Abu uku ta yi a nan, kuma kowanne yana da amfaninsa. Ta wanke shi daga laifi, domin da gaske ba nasa ba ne. Ta ba shi dalili, wanda zai hana shi dawo da maganar ta bayan gida, misali ya rubuta cewa masu ciwon suga sun shaida, ko ya saka hoton na'urar gwajin jini a gefe. Wanda aka ce wa "cire" kawai ba ya sanin iyakar abin da aka hana. Wanda aka faɗa wa dalili yakan gane sauran da kansa. Sannan ta ba shi jimlar da zai saka. Da ta bar gurbin a buɗe, da shi ne zai cike, kuma mai zane ba shi ne ya san hajar ba.

Jimlar da ta zaɓa ma ta fi ta farko ƙarfin ciniki, ko da ba a yi maganar doka ba. Ƙwayar acca ƙanana ce ƙwarai, kusan girman ƙwayar yashi, shi ya sa raba su ke cin lokaci da ruwa, kuma duk matar da ta taɓa dafa ta ta san wahalar rairaya da takaicin a kai loma a ji ƙaras a haƙori. Wannan wahalar ce kamfanin yake ɗauke wa mai saye, ita ce abin da yake sayarwa, kuma magana ce da za a iya tabbatarwa a rumfar baje koli da tafin hannu. Hajiya ta ƙara layi guda cewa neman amincewar hukuma a kan tallar aikin kamfani ne, ba na mai zane ba. Tun dokar 2022 hukumar ARCON ce ta gaji APCON wajen kula da tallace-tallace, kuma tallar kayan abinci tana bi ta hannun NAFDAC. Ya kamata a faɗi wannan a sarari, don kada ranar da tambaya ta taso a juya kan ɗan jinga.

Da wannan dalilin ta sake kanun bango. Daftarin ya sa sunan kamfani da girma, da wata jimla a kan albarkar ƙasar Filato. Ta bayyana masa cewa waɗanda ake nema a baje kolin masu sari ne da masu shaguna da masu gidajen abinci, kuma abin da suke so su gani kafin su buɗe takarda shi ne mene ne kayan, nawa ne awonsa, kuma ana bayar da katan ko a'a. A kan tambarin da Alhaji ya ce ya yi ƙanƙanta, ba ta maimaita masa kalmar armashi ba. Ta rubuta: "Faɗin tambarin yanzu milimita 25 ne, ka kai shi 35, ya tsaya a inda yake." Da haka an biya wa Alhaji buƙata, mai zane kuma ya sami abin da zai auna da ma'auni.

Haruffa masu lanƙwasa

Gyara na gaba gajere ne amma ya shafi kowane shafi. Nau'in haruffan da matashin ya zaɓa don kanu ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. A wasu wurare manhajar ta aro su daga wani nau'in, sai harafi ɗaya ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri. A wasu wuraren shi da kansa ya cire lanƙwasar don kalmar ta yi kyau, har kunun accan da ake karrama baƙi da shi ya koma na karrama baki. Hajiya ta lissafo masa kalmomin da ta gani tare da shafinsu, ta ce ya koma kan nau'in da ke da waɗannan haruffa tun asali, ta ba da misalin Noto Sans da Andika, amma ta bar masa zaɓi muddin sharaɗin ya cika. Ta kuma nuna masa gwaji mai sauƙi: ya rubuta "ƙwai, ɗanɗano, ɓawo, Ƙ, Ɗ, Ɓ" da nau'in da ya zaɓa, ya ƙara girmansu a allo, ya duba ko kaurinsu da tsayinsu sun yi daidai da sauran haruffa.

Akwai wani tarko a gaba, kuma ta tuna da shi. Ko da komai ya yi daidai a kwamfutar mai zane, idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da wannan nau'in, za ta musanya shi da wani, haruffan masu lanƙwasa su koma akwati ko alamar tambaya. Maganinsa shi ne a mayar da rubutu zane kafin a fitar da fayil ɗin bugu, wanda a CorelDRAW ake yi da `Convert to Curves`, ko `Ctrl+Q`. Sai dai bayan haka rubutun ba ya gyaruwa, don haka ta ce ya ajiye kwafin da bai mayar ba, kuma kada ya yi wannan mataki sai an sa hannu a kan rubutun ƙarshe.

Ninki, gefe da hoton bango

A nan ne wasiƙar ta fi shiga lissafi, kuma a nan ne na ga alamar Hajiya ta taɓa tsayawa kusa da injin yanka. A4 milimita 297 ce a tsawo, 210 a faɗi. Matashin ya raba 297 gida uku daidai, kowane shafi 99. A allo babu aibu. Amma idan aka naɗe, shafin da ke shiga ciki dole ya fi sauran ƙanƙanta kaɗan, in ba haka ba bakinsa zai tokare a cikin ninki, takardar ta ƙi kwanciya ko ta tanƙware. Ta rubuta:

"Rabon shafuka: 100, 100 da 97. A fuskar waje, daga hagu, shafi na 5 ne mai 97, sai na 6 mai 100, sai bango mai 100. A fuskar ciki abin ya juya, na 2 da na 3 su ne masu 100, na 4 da ke dama shi ne mai 97. Ka buga daftarin a kan takarda ko da baƙi da fari ne, gaba da baya, ka naɗe da hannunka kafin ka turo mini. Ka kuma bar rarar milimita 3 a kowane gefe, wato fayil ɗin ya zama 303 da 216, launi da hoto su malala har cikin rarar, rubutu kuma ya ja baya daga bakin yanka da wurin ninki da aƙalla milimita 5."

Rarar da take nufi ita ce wadda manhajar ke kira `Bleed`. Wuƙar maɗaba'a tana yanka takardu da yawa a tare, kuma ba ta sauka daidai kan layi kowane lokaci. Idan launi ya tsaya cak a bakin shafi, kaucewar rabin milimita ta isa ta bar farin zare a gefe, kuma a kan launin ƙasa-ƙasa irin na wannan ƙasida, farin zaren daga nesa ake hango shi. Juyawar rabon a fuskar ciki kuwa ita ce inda masu koyo suka fi faɗawa, su sa 97 a hagu a duka fuskokin, sai a buga a ga ninki ya ratsa tsakiyar rubutu. Naɗewa da hannu da ta nema ita ke tona wannan cikin minti ɗaya, kuma ba ta cin ko sisi.

Hoton bango kuwa laifin kamfani ne, kuma ta faɗa. Jami'in sayarwa ne ya ɗauki hoton ledar acca da wayarsa ya tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi, ya iso hannun mai zane yana da fiksel 720 a faɗi, 1,280 a tsayi. Bango tare da rara yana da tsayin milimita 216, wato inci 8.5. Idan aka raba 1,280 da 8.5, abin da ke fitowa kusan 150 dpi ne, wato ɗigo 150 a kowane inci, rabin 300 ɗin da ake nema a bugun da za a riƙe a hannu. Don ya cika bangon da kyau, hoton yana buƙatar kusan fiksel 1,220 a faɗi da 2,550 a tsayi. A waya ba za a ga bambanci ba, amma a takarda rubutun jikin ledar zai yi dishi-dishi, har da lambar NAFDAC, wadda ita ce abin da mai sari ke fara nema. Ta yi alkawarin turo asalin hoton kafin la'asar ta ranar, ta hanyar `Document` don kada a sake matse shi, kuma ta roƙe shi kada ya ja ƙaramin ya cika shafi, domin jan hoto ba ya ƙara masa abin da babu. Batun launi ta taɓa shi a layi ɗaya: fayil ɗin bugu ya fito a CMYK, tsarin launin tawadar bugu, ba RGB na allo ba, kuma ta san koren ganyen da ke shafi na 3 zai ɗan dushe a takarda, ba za ta ɗora masa laifin hakan ba.

Farashi da kuɗin aiki

Wannan ne wurin da jinga ta fi lalacewa tsakanin kamfani da mai zaman kansa, kuma ba kasafai ake faɗa da baki ba. Ana turo ƙarin aiki da sunan gyara, ɗan jinga ya yi shiru don kada ya rasa abokin ciniki, ya yi aikin da ɓacin rai, a na gaba ya ninka farashi ko ya daina ɗaga waya. Hajiya ta rubuta:

"Farashi ba zai shiga cikin ƙasidar ba. Kuɗin acca a lokacin kaka daban, a tsakiyar damina daban, ga kuɗin mota da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan muka buga farashi a kwafi 2,000, ranar da ya sauya sauran takardun sun mutu. Abin da muke so shi ne ƙaramar takarda daban, milimita 95 da 205, fuska ɗaya, baƙi da fari, wadda za a riƙa sakawa a cikin ƙasidar, mu sake ta duk lokacin da farashi ya motsa. Wannan sabon aiki ne, ba ya cikin jingarmu, kuma ba na lissafa shi a zagayen gyara. Ka faɗa mini kuɗinsa kafin ka fara. Sauya hoton bango ma daga wajenmu matsalar ta fito, idan ya ci maka lokaci fiye da kima ka faɗa. Gyaran haruffa da na ninki da na rara kuwa suna cikin aikinka na asali."

Jimlar ƙarshen ba ta da daɗin ji, amma gaskiya ce, kuma saboda ta riga ta ɗauki nata kason, shi ma bai yi gardama a kan nasa ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma a aikin jinga hanyar da za a tabbatar da hakan ita ce a ware a rubuce abin da aka riga aka biya da abin da za a biya. Girman ƙaramar takardar ma da lissafi ta zaɓe shi: ta fi shafin ƙasidar ƙanƙanta ta kowane ɓangare, don ta shige ciki ba tare da bakinta ya leƙo ba.

Sai kashi na uku, abin da ta bar masa. Jami'in sayarwa ya so a cike farin wurin da ke ƙasan shafi na 4 da ƙarin hotuna. Ta faɗa wa mai zanen cewa an kawo wannan shawara, ita ba ta ga buƙata ba, amma idonsa ya fi nata a wannan fage, ya yanke. Ya bar wurin yadda yake, kuma a rumfa nan ne ma'aikatan suka riƙa rubuta wa masu sari adadin katan da ranar kawowa.

Ta rufe da lokaci. Daftari na biyu ya iso ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, ita kuma za ta mayar da amsa ranar Litinin da safe, amsa ɗaya daga bakin kamfani duka. Ranar Laraba fayil ya tafi Abuja, maɗaba'a ta fitar da kwafin gwaji guda a kan takarda mai sheƙi mai nauyin giram 150, kuma ba za a tayar da inji ba sai ita ta sa hannu a kansa. Sanya wa kanta wa'adi yana da muhimmanci kamar sanya masa, domin jinkirin ƙasida sau da yawa a teburin mai amincewa yake kwana, ba a kwamfutar mai zane ba.

Inda wasiƙar ta gaza

Wuri biyu ne, kuma dukansu sun nuna kansu kafin jingar ta ƙare. A kan shafi na 6 ta rubuta cewa a ƙara masa rai, ba ta ce komai ba bayan haka. Wannan ne layi ɗaya tilo da ba shi da wuri takamaimai, ba dalili, ba ma'auni, kuma shi ne kaɗai ya sa matashin ya kira ta a waya. Da suka yi magana sai ta bayyana cewa abin da ke damunta shi ne lambar waya ta yi ƙanƙanta, kuma alamar QR da ke kai mutum ga lambar WhatsApp ta kamfani ta matsu a kusurwa. Aka daidaita a kan a ƙara girman lambar, alamar kuma ta kai santimita 2.5 kowane gefe da farin fili kewaye da ita, a gwada ta da waya fiye da ɗaya a kan takardar da aka buga, ba a allo ba. Da ta rubuta haka tun farko, da ba a buƙaci kiran ba.

Na biyu ya fi nauyi. Wasiƙar ba ta ce komai ba a kan asalin fayil ɗin CorelDRAW mai gyaruwa, kuma takardar jingar ma fayil ɗin bugu kaɗai ta ambata. Bayan daftari na biyu ya wuce da gyaran waƙafi biyu da harafi ɗaya, aka sa hannu a kwafin gwaji, aka biya ciko da kuɗin ƙaramar takardar farashi, sai Alhaji ya ce a karɓo asalin fayil ɗin, don idan adireshi ko lambar waya ta sauya su gyara da kansu. Matashin ya ce PDF ɗin bugu aka yi jinga a kai, asalin fayil kuwa kuɗinsa daban, domin wanda ya riƙe shi ba ya sake buƙatar mai zane. Kowannensu yana da hujja, kuma babu takardar da za ta raba su. Hajiya ta sasanta: kamfani ya biya wani ƙari, ya karɓi fayil ɗin ƙaramar takardar farashi tare da sunan nau'in haruffan da aka yi amfani da shi, tunda ita ce mai yawan sauyawa, fayil ɗin ƙasidar kuma ya zauna a hannun mai zane, da sharaɗin duk ƙaramin gyara na adireshi ko lamba zai yi shi a kan kuɗin da suka yanke a ranar. Ta rubuta wannan a imel na biyu mai layi huɗu, ya amsa da cewa ya amince, kuma a takardar jingar da ta ba shi ta gaba, ta kalandar ƙarshen shekara, batun asalin fayil ya zo a layi na uku, bayan kuɗi da yawan zagayen gyara.